Shimfiɗa UV: tambayoyi da amsoshi kan ɓoye layin yanka da daidaita yawan teksel

Shimfiɗa UV ita ce baje jikin modal na 3D a kan fili don a lulluɓa masa hoto. Amsoshin nan sun ɗauka kana aiki da Blender, kuma modal ɗinka zai shiga injin gem irin Unity ko Unreal. Sunayen maɓallai na Blender ne, amma lissafin ɗaya ne ko da Maya kake aiki ko wata manhajar.

Me ya sa dole sai an yanka modal kafin a shimfiɗa shi?

Domin hoton da za a lulluɓa wa modal shimfiɗaɗɗe ne, shi kuwa modal yana da ciki da baya da lanƙwasa. Gangar gwangwani za ka iya tsaga ta sau ɗaya ka baje ta ba tare da ta miƙe ko ta takure ba. Ƙwallo kuwa ba ya yarda: duk yadda ka yi, wani wuri zai ja, wani ya cushe. Masanin lissafi Gauss ya tabbatar da haka tun 1827, shi ya sa har yau babu taswirar duniya da ba ta ɓata girman wata ƙasa ko siffarta ba.

Saboda haka aikin ciniki ne tsakanin abu biyu. Ka yawaita yanka, miƙewa ta ragu amma layukan da ido zai iya kamawa su yi yawa. Ka rage yanka, layuka su yi kaɗan amma hoton ya karkace. Kowane guntu da ya fito daga yankan shi ake kira tsibiri, kuma a bakin tsibiri ne matsala take zama.

A ina ya kamata in sa layin yanka?

Ka yi yadda tela yake yi. Ba ya bi da ɗinki ta tsakiyar ƙirji, sai ta ƙarƙashin hammata da cikin cinya, ko inda yadi biyu za su haɗu dama. Wuraren da suka fi ɓoye layi iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi kyau shi ne inda abu ya canza da kansa: inda ƙarfe ya haɗu da katako, inda wuyan riga ya haɗu da fata, inda tafin takalmi ya haɗu da samansa. A nan ido yana sa ran ganin iyaka, don haka ko launi ya ɗan saɓa babu wanda zai lura. Na biyu shi ne kaifin kusurwa, kamar gefen akwati, inda haske ke karyewa. Na uku shi ne wurin da kamara ba ta cika leƙawa ba: ƙarƙashi, baya, lungu, ko inda wani sashe ya rufe wani.

Ɗauki butar ƙarfe ta shayi. Za a zagaye gindinta da layi ɗaya don gindin ya fita tsibirinsa. A zagaye bakin da murfi ke zama. Gangar jikin tana bukatar tsaga ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kuma wurinta shi ne bayan buta, gefen da ba na hanci ba, daidai inda mariƙi ya manne, don mariƙin ya rufe wani ɓangare na layin. Hancin a zagaye shi a tushensa, inda dama akwai alamar walda, sannan a tsaga shi ta ƙasa. Mariƙin a tsaga shi ta ciki, wajen da yatsu ke kamawa. Duka-duka tsibirai shida ko bakwai, kuma wanda ya kalli butar ta gaba ko ta sama ba zai ga tsaga ko ɗaya a fili ba.

Kafin ka yanke shawara ka tambayi inda kamara za ta tsaya. A gem ɗin da ake bin ɗan wasa ta baya, bayan kai da gadon baya su ne mai wasa zai yi ta kallo awa da awanni, to nan ba wurin ɓoye komai ba ne. Bindigar da ake riƙe a gaban kamara kuwa, samanta da gefen da ke fuskantar mai wasa ne a fili, ɗaya gefen sai lokaci-lokaci.

Yaya matakan suke a Blender?

Abu na farko, tun kana `Object Mode`, danna `Ctrl+A` ka zaɓi `Scale`. Idan ka ja modal ya yi tsawo ta gefe ɗaya ba ka tabbatar da girman ba, shimfiɗar za ta bi tsohuwar siffar, sai ka ga tsibiran sun fito a matse alhali yankanka daidai ne. Duba a tabbatar lambobin `Scale` uku duk sun koma 1.

Daga nan `Tab` don shiga `Edit Mode`, sai `2` don zaɓen layuka. `Alt` da dannawa yana zaɓo layin da ya zagaye abu gaba ɗaya, `Ctrl` da dannawa yana bin gajeriyar hanya tsakanin wuri biyu. Ka zaɓa, `Ctrl+E`, `Mark Seam`, layin ya koma ja. In ka gama, `A` don zaɓen komai, sai `U` ka shimfiɗa. `Angle Based` ya fi dacewa da abu mai lanƙwasa kamar jiki ko tufa. `Conformal` ya fi sauri kuma yakan yi kyau a kan abu mai fuskoki miƙaƙƙu. Daga Blender 4.3 an ƙara `Minimum Stretch`, wanda ke ƙoƙarin rage miƙewar fili da ta kusurwa tare, ko da yake ya fi cin lokaci.

Ƙarshe sai `Average Islands Scale`, sannan `Pack Islands`. Kada ka juya wannan jerin, domin na farkon yana canza girman tsibirai, ya rushe shirin da na biyun ya yi.

Ba zan iya danna `Smart UV Project` kawai in huta ba?

Za ka iya, ga dutsen da ke can nesa ko gwaji na gaggawa. Shi kusurwa kawai yake dubawa, yana farawa da iyakar digiri 66, bai san inda kamara take ba. A kan buta zai farfasa gangar jiki gida-gida, ya bar tsaga a gaban hanci.

Mene ne yawan teksel, kuma ta yaya ake auna shi?

Teksel shi ne fiksel ɗaya na hoton da ke jikin modal. Yawan teksel kuwa shi ne fiksel nawa suka faɗa a kan mita ɗaya na jikin abin. Idan bango yana da fiksel 512 a mita, ƙofar da ke jikinsa tana da 2048, ƙofar za ta fito tas, bangon ya zama kamar an shafa masa hazo. Ido ba ya damuwa sosai da hoto mai ɗan dishi-dishi idan komai haka yake. Abin da ke tsone shi shi ne abu biyu maƙwabta masu kaifi daban.

Hanya mafi sauƙi ta aunawa: nemi layi ɗaya da ka san tsawonsa. A ce tsawonsa mita ɗaya ne, a filin UV ya ci rabin faɗi, hoton kuma 1024 ne. Rabin 1024 shi ne 512, to kana da fiksel 512 a mita. Ga modal gaba ɗaya ana amfani da fili:

```
D = N * sqrt(A_uv / A_3d)
```

`N` faɗin hoton ne da fiksel, `A_uv` kason filin UV da tsibiran suka cika daga 0 zuwa 1, `A_3d` kuma faɗin jikin modal da murabba'in mita. Akwai ƙarin kayan aiki na Blender, irin su Texel Density Checker da TexTools, da ke yi maka lissafin, har su saita tsibiri a kan lambar da ka rubuta. Sai dai duk suna dogara da girman modal na gaskiya. Kujerar da aka ƙera da tsawon mita goma za ta ba ka lambar banza.

Wace lamba zan zaɓa?

Nisan kamara ne ke yanke hukunci. Lambobin da aka saba farawa da su: 1024 a mita ga gem ɗin da ake gani ta idon ɗan wasa, 512 ga wanda kamara ke bin sa ta baya, 256 ko ƙasa ga wanda ake kallo daga sama. Za ka ga wasu na rubuta 10.24 ko 5.12, wannan a santimita ne, abu ɗaya ne. A tuna cewa ninka lambar sau biyu yana ninka fiksel sau huɗu: hoton 1024 mai launi uku da tashar gani-ta-ciki, in ba a matse shi ba, megabait 4 ne, na 2048 kuma 16. A waya wannan bambancin ba wasa ba ne. Lambar da aka zaɓa a rubuta ta, duk masu aiki a kan fage ɗaya su bi ta.

Za a iya nuna lissafin a kan abu guda daga farko zuwa ƙarshe?

Ga akwatin katako mai tsawon mita 1, faɗi rabin mita, tsayi rabin mita. Ana son 512 a mita, a kan hoto ɗaya na 1024.

Dogayen fuskoki huɗu, wato gaba, baya, sama da ƙasa, kowace rabin murabba'in mita ce, sun tashi 2. Ƙananan gefuna biyu kowane rubu'i ne, sun tashi rabi. Jimla 2.5. Kowane murabba'in mita yana cin 512 sau 512, wato fiksel 262,144, don haka akwatin yana bukatar 655,360. Hoton 1024 yana da 1,048,576. Akwatin zai ci kashi 62.5 cikin ɗari ke nan, kuma a takarda ya shiga har da saura.

Da ka zo jerawa sai labari ya canza. Kowace doguwar fuska 512 ce a kwance, 256 a tsaye. Biyu a jere sun cinye 1024 cif, babu ko fiksel ɗaya na rata a tsakaninsu. Huɗu a ɗore su ma 1024 ne cif. Da zarar ka bar rata, abin da hoton zai ɗauka shi ne gida uku a kwance, uku a tsaye, masu faɗin 256, wato gida tara. Akwatin kuwa gida goma yake nema: takwas na dogayen fuskoki, biyu na gefuna. Fili ya isa, siffa ce ta hana.

Mafita biyu ce mai kyau. Ta farko, a sauko da yawan zuwa 480. Dogayen fuskoki su koma 480 da 240, biyu su zauna a jere a 960, a samu fiksel 64 na rata. An yi asarar kusan kashi 6 cikin ɗari, wanda ido ba zai gane ba ko an ajiye akwatin kusa da bango mai 512. Ta biyu, idan akwatin a ƙasa zai zauna ba za a taɓa kifar da shi ba, a rage gindinsa zuwa rabi, 256 da 128. Sai a yi sahu uku: gaba da gefe ɗaya, baya da ɗaya gefen, sama da ƙaramin gindin. Kowane sahu bai wuce 768 ba ban da rata, komai ban da gindin ya zauna a 512, kuma an bar fili a dama da ƙasa wanda zai ɗauki maratayi, kwaɗo da ƙarafan kusurwa. Mu ta biyun muka fi so ga kayan da ba sa motsi. In akwatin ana ɗagawa ko ana jifa da shi, ta farko.

Akwai ta uku, a tsallaka zuwa hoton 2048, amma ninka nauyi sau huɗu saboda gida ɗaya almubazzaranci ne.

Ashe ba dole ba ne yawan ya zama ɗaya a ko'ina?

A fara da daidai, sannan a karkata da gangan. Fuskar mutum ana ƙara mata domin nan ake kallo, haka tambari ko rubutun da dole a karanta. Tafin takalmi da cikin baki ana rage musu. Sharaɗin shi ne bambancin ya faɗa a kan iyaka ta gaskiya. Fuska mai yawa biyu da wuya mai yawa ɗaya, in sun haɗu a kan fata tsirara, ramukan fata za su canza girma a kan layin, kowa ya gani. In wuyan riga ne ya raba su, shi ke nan.

Ta yaya zan gane hoton ya miƙe?

Ƙirƙiri sabon hoto, a `Generated Type` ka zaɓi `UV Grid` ko `Color Grid`, ka ɗora wa modal. Gidajen dara ne za su gaya maka gaskiya. In sun yi tsawo ta gefe ɗaya, akwai miƙewa. In sun karkace kamar lu'ulu'u, an murɗe tsibirin. In murabba'i ne amma na hannu sun fi na ƙirji girma, hannun yana da ƙarancin teksel: manyan gidaje na nufin fiksel kaɗan, mutane sukan juya wannan. `Color Grid` yana da haruffa da lambobi, don haka shi ke tona tsibirin da ya kife, sai ka ga rubutun a juye kamar a madubi.

A tagar UV kuma akwai nunin `Stretch` a cikin `Overlays`, mai zaɓi biyu, `Angle` da `Area`. Shuɗi lafiya, kore a duba, rawaya zuwa ja a gyara. Gyaran yawanci ƙarin tsaga ce ƙarama daga bakin tsibiri zuwa wurin da ya cushe, ba jan ɗigo ɗaya-ɗaya da hannu ba. In kana son wani sashe ya tsaya cik yayin da sauran ke sake shimfiɗuwa, kafe shi da `P`, ka sake shi da `Alt+P`.

Shin in miƙe tsibirai masu lanƙwasa su zama sambal?

Ga bel, igiya, bututu da bakin tufa, e. Layin da ya bi jerin fiksel a miƙe yana fita sumul, wanda ya ratsa a karkace yana yin haƙora, musamman a ƙaramin hoto. Tsibirai masu kusurwa huɗu kuma sun fi cika fili. Ana miƙe fuska ɗaya, a zaɓi duka fuskokin tsibirin, ita ce ta ƙarshe a zaɓe, sai `Follow Active Quads` ya jera sauran a bayanta. Gangar buta mai faɗin santimita 20 da tsayin 15, in jikinta a miƙe yake, za ta fito zubin fiksel 643 da 154 a kan 1024 a mita, ba tare da wata asara ba.

Hancin butar daban ne, domin yana tsukewa. In kewayen tushensa ya ninka na bakinsa biyu, ka tilasta shi ya zama mai kusurwa huɗu, bakin zai samu ninki biyu na teksel ta kewaye, gidajen dara su matse. A kan ƙarfe lami ba komai. In akwai zanen fure a kai, bar shi da siffarsa ta mazurari.

Na ɓoye layin, amma daga nesa sai wani baƙin zare ya fito a kansa. Me ya jawo?

Rata ce ta yi kaɗan. Injin gem yana ajiye ƙananan kwafin hoton, kowane rabin na gabansa: 1024, 512, 256, haka har ƙasa. Su ne `mipmap`, kuma da abu ya yi nisa sai injin ya koma kan ƙarami. Kowane fiksel na ƙaramin kwafi gaurayen huɗu ne na babba. Ratar fiksel 8 tana komawa 4, sai 2, sai 1, daga nan launin maƙwabcin tsibiri ko baƙin fili ya malalo cikin naka. Alamar wannan cuta ita ce tana ɓacewa in ka matso, ta dawo in ka ja baya.

Magani kashi biyu ne. A bar rata wajen jerawa: abin da aka saba shi ne aƙalla fiksel 8 a hoton 1024, 16 a 2048, 32 a 4096. Sannan a cika ratar da launin bakin tsibirin, kada a bar ta baƙa. A Blender wannan shi ne `Margin` na sashen `Bake`, inda ake kwafe haske, inuwa ko bayanin jikin modal zuwa hoto, a Substance 3D Painter kuma `Padding` ne wajen fitar da hotuna. Lambar `Margin` ta `Pack Islands` ba fiksel ba ce. In ka sa `Margin Method` a kan `Fraction`, kason faɗin hoton ne, don haka 16 cikin 1024 ya kama kusan 0.016. Bayan jerawa ka zuƙo hoton ka ƙirga ratar da idonka.

Launi ya haɗu daidai, amma haske yana karyewa a kan layin. Wannan fa?

Wannan ta `Normal Map` ce, wato hoton da ke nuna wa haske tudu da rami a jikin modal, kuma dalilanta sanannu ne. Duba `Color Space` na hoton tukuna: dole ya zama `Non-Color`, in yana `sRGB` lambobin sun gurɓata, kowane tsibiri ya karɓi haske ta fuskarsa daban. Sai tashar kore. Blender da Unity suna bin tsarin OpenGL, Unreal yana bin na DirectX, kuma koren ɗaya kishiyar na ɗayan ne. In an saɓa, rami ya zama tudu, layukan yanka su bayyana. Unreal yana da `Flip Green Channel` saboda haka.

In duka biyun daidai suke, duba kaifafan layuka. Ƙa'idar ita ce duk layin da aka sa wa `Mark Sharp` ya zama layin yanka ma, a raba tsibiran biyu da rata. In ba a raba ba, fuskoki biyu masu kallon wurare daban suna faɗa a kan jerin fiksel ɗaya, sai baƙin layi ko fari ya kwanta a kusurwar. Akasin haka ba dole ba ne: layin yanka zai iya zama a wuri mai santsi ba tare da kaifi ba, kamar tsagar bayan buta.

Yawan yanka yana nauyaya modal?

Yana yi. Katin hoto yana raba ɗigo biyu a duk inda UV ko kaifi ya rabu, shi ya sa akwati mai kusurwa 8 yake zama ɗigo 24 a injin gem idan duk gefunansa masu kaifi ne. Ɗora layin yanka a kan layin da dama mai kaifi ne ba ya ƙara komai, tunda an riga an raba wurin. Wannan ma wani dalili ne na bin kusurwa.

Zan iya ɗora tsibirai masu kama ɗaya a kan juna don in samu fili?

Ƙafafun tebur huɗu, ƙusoshi, tayoyi, hagu da dama na abu mai ɓari biyu iri ɗaya, duk ana ɗora su, kuma filin da aka samu yana ɗaga yawan teksel na sauran. Farashinsa shi ne duk tabon da ke kan ɗaya yana kan duka. Rubutu zai fito a juye a ɓarin da aka kifa, kuma tsatsa ko datti da ya taɓa layin tsakiya zai yi siffar malam-buɗe-littafi, wadda ido ke kamawa nan take. Saboda haka a bar tsakiyar abin da filinsa na kansa, a ɗora gefuna kawai.

Wajen `Bake`, a bar kwafi ɗaya a cikin filin, a tura sauran gefe da faɗin fili ɗaya cif: zaɓe su a tagar UV, `G`, `X`, `1`, `Enter`. Tunda hoton yana maimaituwa, za su ci gaba da karanta fiksel ɗin da suke karantawa, amma ba za su rubuta inuwarsu a kan ta juna ba. Wannan dabarar ba ta aiki idan kana amfani da UDIM, tsarin da kowane fili ke da hotonsa, domin a can filin da ke dama shi ne `1002`, hoto ne dabam. Taswirar haske ta injin gem kuwa, wato hoton da ke ajiye haske da inuwar da suka faɗa a kan abu, ba ta yarda da ɗori sam, sai a yi mata UV na biyu wanda kowace fuska ke da wurinta.